Yadda ɗalibi zai cika kanbas ɗin tsarin kasuwanci, da misalin wanki da guga a hostal

Idan kana yin kwas ɗin nan na koyon dogaro da kai da ake yi a jami'a ko foli, ko ka taɓa neman tallafin jari, da wuya ba a miƙo maka wata takarda mai gida tara an ce cika ba. A samanta za ka ga an rubuta Business Model Canvas, mu dai kanbas za mu riƙa ce mata a nan. Wani ɗan ƙasar Suwizalan ne mai suna Alexander Osterwalder ya fito da ita, daga aikin digirinsa na uku da ya yi a Jami'ar Lausanne a 2004 a ƙarƙashin malaminsa Yves Pigneur, daga baya su biyun suka fitar da littafi a kanta a 2010. Manufar ita ce a ga kasuwanci gaba ɗayansa a shafi ɗaya, maimakon a zauna a rubuta shafi 40 da ko mai shi ba zai sake karantawa ba.

Matsalar da nake yawan gani ita ce ɗalibai suna cika ta kamar asaimen ɗin da za a miƙa gobe da safe, kowane gida a cusa masa kalma biyu uku masu daɗin ji, a ƙawata da kala, shikenan. Alhali duk abin da ka rubuta a ciki hasashe ne, kuma gidajen nan ɗaure suke da juna, ka taɓa ɗaya sai uku sun motsa. Don haka zan ɗauki misali ɗaya tak mu bi shi har ƙarshe: kai ɗan aji uku ne, kana zaune a hostal, ka ga ƴan'uwanka suna fama da wanki, sai ka ce bari ka riƙa karɓar kaya kana kaiwa a wanke a goge kana dawo musu da su har ɗaki. Duk kuɗaɗen da zan kawo na misali ne don lissafi ya fita, kai sai ka sa farashin garinku na yau.

Da farko nemi kwali babba, irin wanda ake zane a kai, da ƴan takardun nan masu gam da ake liƙawa a cire. In babu, fensir ma ya yi. Kar ka fara da biro, kuma kar ka fara a laftof, domin za ka goge fiye da yadda kake zato, kuma mutum in ya sha wahalar tsara abu a kwamfuta sai ya riƙa jin ƙyashin canza shi. Yadda zanen yake: gida ɗaya a tsakiya, uku a dama, uku a hagu, biyu a ƙasa. Na dama duk maganar kwastoma ce, na hagu maganar yadda za ka yi aikin ce, na ƙasa kuɗi ne, abin da ke fita a hagu, abin da ke shigowa a dama. Ido zai so ya fara daga hagu saboda haka muka saba karanta boko, amma kai fara daga can ƙarshen dama kamar mai karanta ajami.

Gida na farko, su wa za ka sayar wa

Wannan shi ne a fom ɗin aka rubuta wa Customer Segments. Kusan kowane ɗalibi abin da yake rubutawa a nan shi ne "kowa da kowa" ko "duk ɗalibai", kuma daga nan takardar take lalacewa. Duk ɗalibai ba abu ɗaya ba ne. Akwai wanda kuɗin da aka turo masa daga gida ko abinci ba ya isarsa, wannan ko kyauta-kyauta ka yi masa ba zai ba ka wanki ba, da kansa zai yi ranar Asabar. Akwai ɗan gari da yake kwashe kayansa ya kai gida duk ƙarshen sati. Akwai kuma wanda yake da ɗan hali amma ba shi da lokaci, kamar masu karatun likita da nas da suke wuni a asibiti ko a ɗakin gwaji, da ƴan ajin ƙarshe masu firojet. Naka yana cikin rukuni na ukun nan.

To rubuta shi yadda in an ce ka nuna shi da yatsa za ka iya: ɗalibai maza na hostal kaza da kaza, waɗanda ba ƴan gari ba, masu lakca daga safe zuwa yamma, da suka riga suka taɓa biyan kuɗi a yi musu wanki. Wannan na ƙarshen ka ja masa layi. Wanda ya taɓa biya ya riga ya nuna maka matsalar ta kai ya cire kuɗi a aljihu, wanda bai taɓa ba sai ka fara koya masa sabuwar ɗabi'a, kuma wannan aiki ne da ɗalibi mai jarin dubu 50 ba zai iya ba.

Sannan ka ƙirga su. Ɗakuna nawa ne a bulok ɗin, mutum nawa a ɗaki, cikinsu nawa ne suka dace da bayanin nan naka. Wannan ba a intanet ake samunsa ba, da ƙafa ake zagawa. In kana da rukuni biyu, misali maza da mata, ba su takarda kala daban daban, saboda za ka ga nan gaba hanyar kaiwa gare su ba ɗaya ba ce.

Gida na biyu, me ya sa za su ba ka kai

Shi ne na tsakiya, Value Propositions. A nan ma kuskuren ɗaya ne, mutum sai ya rubuta "wanki da guga mai inganci cikin farashi mai sauƙi". Wannan ai kowane mai wanki a garin haka zai ce. Abin da ake nema shi ne ciwon da kake cire wa mutum, kuma ba za ka san ciwon ba sai ka san abin da yake yi yanzu kafin zuwanka. Yanzu ɗayan biyu yake yi, ko ya bi layin famfo da bokiti ya kashe rabin Asabar ɗinsa, ko ya kai wa mai wankin bakin get wanda zai ce masa jibi, ya koma jibin a ce ba a goge ba, wani lokacin ma a haɗa masa da singiletin wani.

Ka ga daga nan alƙawarinka ya fito da kansa: ana karɓa a ƙofar ɗaki, ana dawowa da shi cikin kwana 2, an ƙirga kayan a gabanka an ɗauki hoto, in wani abu ya ɓata ko ya ƙone ana biya. Jimla ɗaya ko biyu, kuma kowace kalma a ciki abu ce da za a iya kama ka da ita. Gwajin da nake ba mutane shi ne, karanta wa abokinka abin da ka rubuta, in zai iya cire sunan sana'arka ya sa sayar da shayi ko gyaran waya maganar ta zauna daidai, to ba ka rubuta komai ba tukuna.

Amma ka lura, duk alƙawarin da ka ɗauka a tsakiya bashi ne da za a biya a hagu da ƙasa. Kwana 2 yana nufin dole ka samu inda kaya za su bushe ko da damina ce. Biyan abin da ya lalace yana nufin kuɗi ne da za ka riƙa warewa. Riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Hanya da mu'amala

Gidaje biyun da ke tsakanin kwastoma da alƙawarinka su ne Channels da Customer Relationships, kuma ana yawan cakuɗa su. Na farkon shi ne ta ina zai ji labarinka, ta ina zai yi oda, ta ina kaya za su kai gare shi, ta ina zai biya. Na biyun shi ne me zai sa ya dawo.

A hanya, kar ka rubuta "soshiyal midiya" kawai ka wuce. Bi kwastoman taki taki. Ya ga saƙonka a guruf ɗin WhatsApp na aji ko na bulok ɗinsu, ko ya ga takarda a allon sanarwa na kusa da masallaci. Ya yi maka magana. Ka zo ranar Talata ko Juma'a bayan la'asar ka karɓa. Ya yi tiransifa ta OPay ko Moniepoint ko bankinsa, ka ga alat. Ka dawo da kaya a leda da sunansa. A nan ne za ka ci karo da abin da ba ka yi tunaninsa ba, wato kai namiji ne ba za ka shiga hostal ɗin mata ba, don haka in kana son wannan rukunin sai ka nemi wakiliya a ciki, ita kuma ba don Allah za ta yi ba, sai ka ba ta wani abu a kan kowace jaka. Gida ɗaya ya taɓa biyu ke nan, abokan hulɗa da kuɗin fita. Shawarata a farko ka bar ɓangaren mata sai ka tsaya da ƙafarka a ɗaya.

Gidan mu'amala ba ya buƙatar dogon surutu a sana'a irin wannan. Tunatarwa a WhatsApp daren da za a karɓi kaya, amsa ƙorafi a ranar da aka kawo shi, da ɗan ihsani kamar wanda ya kawo abokinsa a yi masa ragi a jakarsa ta gaba. In ka rubuta ragi, je ka ƙasa ka rubuta kuɗinsa.

Kuɗin da ke shigowa

Revenue Streams, a ƙasa ta dama. Rubuta "kuɗin wanki" bai isa ba, sai ka faɗi nawa, a kan me, kuma yaushe ake biya. Za ka iya caja a kan kowane kaya ɗaya, ko a kan jaka, ko biyan wata. Mu ɗauki jaka: kaya 10, wanki da guga, naira 2,000.

Maganar yaushe ake biya kuwa, a wurin ɗalibai ta fi farashin kansa muhimmanci. In ka yarda da "zan ba ka in an turo min", to abokanka ne za su fara cinye jarin, ba da mugunta ba, haka rayuwar makaranta take, ƙarshen wata kowa a bushe yake. Kai kuma mai wanki ba zai jira a turo wa wani kuɗi daga gida ba. Don haka rubuta a gidan nan ƙarara, ana biya lokacin karɓar kaya. Biyan wata yana da daɗi saboda kuɗi na shigo maka tun farko ka sayi omo da yawa a sari, amma sai mutane sun yarda da kai, ba a satin farko ake fara shi ba.

Ɓangaren hagu

Yanzu ka juyo. Key Resources su ne abubuwan da in babu su sana'ar ta tsaya, Key Activities ayyukan da dole a yi su da kyau, Key Partners kuma mutanen waje da kake dogara da su. Dabarar cika su ita ce ka koma kan alƙawarin tsakiya ka tambayi kowace kalma, me ake buƙata kafin wannan ya tabbata.

Kayan aiki: wurin wanki mai ruwa da wurin shanya, dutsen guga na gawayi tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, bokitai da baho da igiya, waya, littafin rubuta kaya, da jarin da zai riƙe ka wata biyu. Akwai kuma ɗaya da ɗalibai ba sa rubutawa, lokacinka. Kana da lakca, kana da tes, ga jarrabawa tana zuwa, kuma lokacin jarrabawa ne mutane suka fi buƙatar a yi musu wanki, daidai lokacin da kai ma ba ka da sukuni. Rubuta awa nawa za ka iya bayarwa a sati, da gaske, ba yadda kake fata ba.

Ayyuka: ba wankin ne naka ba, wannan na mai wanki ne. Naka shi ne karɓa da ƙirgawa da sa alama a kowace jaka, duba kaya kafin a mayar, da kaiwa a kan lokaci. In ka rubuta ayyuka 12 a gidan nan to ba ka tace ba, uku ko huɗu ne suke riƙe da sana'ar.

Abokan hulɗa: mai wanki da guga, ɗan garuwa ko mai bohol, ɗan adaidaita ɗaya da za ku yi ciniki na sati, mai shagon da zai ba ka omo da sabulu a farashin sari. Kar ka manta hukumar makaranta, yawancin makarantu suna da ƙa'ida a kan yin kasuwanci a hostal, je ofishin kula da harkokin ɗalibai ka tambaya tun kafin wani ya kai ƙararka. Kuma don Allah kar ka rubuta "gwamnati" ko "bankuna" a gidan nan don ya cika, in ba ka taɓa magana da mutum ba kuma ba ka san ranar da za ka yi ba, ba abokin hulɗarka ba ne. A gefen kowane suna rubuta abin da yake ba ka da abin da shi yake samu, sannan ka tambayi kanka in ya tafi gida biki sati guda ya za ka yi. In mai wanki ɗaya gare ka, sana'arka gaba ɗaya a hannunsa take.

Kuɗin da ke fita, inda gaskiya take fitowa

Cost Structure shi ne gidan da ya kamata ka fi daɗewa a kai. Raba kuɗin gida biyu, wanda yake tashi da kowace jaka, da wanda za ka biya ko an kawo wanki ko ba a kawo ba.

Na kowace jaka mai kaya 10, a misalinmu: mai wanki 800, omo da sabulu 250, ruwa jarka biyu 200, gawayi 150, leda da alama 50, rabon jakar a kuɗin adaidaita 150. Ka haɗa, 1,600. Kana karɓar 2,000, saura 400. Wannan 400 ɗin ba riba ba ce tukuna, ita ce za ta biya kuɗin wata.

Na wata: hayar wurin wanki 10,000, data da kati 5,000, canjin bokiti da igiya da gyaran dutsen guga 3,000, sai ajiyar biyan kayan da suka lalace 6,000, wanda alƙawarinka na tsakiya ne ya jawo shi. Jimla 24,000. Lissafin da zai nuna maka jaka nawa za ka yi kafin ka daina asara shi ne:

```
24,000 ÷ (2,000 − 1,600) = 60
```

Jaka 60 a wata, wato 15 a sati. In kowane kwastoma yana ba ka jaka ɗaya duk sati biyu, kana buƙatar mutum 30 masu dawowa kullum kafin ka ga naira ɗaya ta kanka. Yanzu koma gida na farko ka duba adadin da ka ƙirga. In mutanen da suka dace da bayaninka a bulok biyun nan 40 ne gaba ɗaya, to kana cewa ke nan uku cikin huɗu za su zama naka, wannan kuwa mafarki ne. In 200 ne, abin zai iya yiwuwa.

Duba iyakar ribar da za ka iya samu kuma. A ce mai wanki ɗaya yana iya gama jaka 5 a rana, kwana 6 a sati, jaka 30 ke nan a sati, 120 a wata. Ko da komai ya tafi daidai, 120 sau 400 ya ba ka 48,000, ka cire 24,000, ribarka mafi yawa 24,000 ce a wata da mai wanki ɗaya. Ya rage naka ka ga ko ta kai wahalar.

Saura abu ɗaya da kanbas ba ta da gidansa, kuma shi ne yake kayar da sana'ar cikin makaranta, wato hutu. A ce ɗalibai suna nan wata 8 a shekara, sauran wata 4 babu kowa amma haya tana tafiya, 40,000 ke nan da dole watanni takwas ɗin su ɗauka, 5,000 kowane wata. Kuɗin wata ya koma 29,000, ka raba da 400, jaka 73 maimakon 60. Wannan ma hutun da aka sani ne. Wanda ya yi jami'ar gwamnati a 2022 ya san yajin aikin ASUU da ya ɗauki wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Shi ya sa gara ka nemi wurin da za ka biya wata wata ko ka yi ciniki da mai wanki a nasa wurin, da ka biya hayar shekara.

Fita da takardar waje

Zuwa nan gidaje tara sun cika, amma ba ka gama ba, yanzu ne ma aikin ya fara. Ɗauki jan biro ka zagaye duk abin da in ya zama ƙarya sana'ar ta rushe. A misalinmu guda uku ne: cewa akwai mutum 30 zuwa 40 da za su biya, cewa za su yarda da 2,000, da cewa za a iya dawo da kaya cikin kwana 2.

Na farko da na biyu, je ka yi hira da mutum 15 zuwa 20 daga cikin rukunin, ba abokanka na kusa ba. Kar ka tambaye su "in na fara za ka kawo?", mu Hausawa da kara, kowa zai ce maka insha Allah, Allah ya sa albarka, ka dawo da murna ba ka samu komai ba. Tambayi abin da ya riga ya faru. Yaushe rabonka da ba da wanki, wa ka ba, nawa ka biya, waɗanne kaya ka bayar, me ya ɓata maka rai. Bayan nan yi gwajin sati biyu ba tare da ka kama haya ko ka sayi komai ba, karɓi jaka 10 ka kai wa mai wankin da yake da wurinsa, ka karɓi kuɗi a hannu tun farko. Wanda ya ce sai an dawo da kayan zai biya, rubuta shi a matsayin wanda bai saya ba.

Mu ce hirar ta nuna maka wani abu da ba ka zata ba, kuma irin wannan yana faruwa sosai: yawancinsu ƙananan kaya da kansu suke wankewa, minti 20 sun gama, abin da suke bayarwa shi ne shadda da yadi masu son sitati, farar rigar asibiti, zanin gado da bargo. To jakarka mai kaya 10 ba abin da suke so ba ce. Cire takardun ka liƙa sababbi, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ga abin da ya motsa.

Rukuni ya ƙara matsewa zuwa masu farar riga da masu sa manyan kaya ranar Juma'a. Alƙawari ya koma a karɓa Talata a dawo Alhamis da yamma, da sitati da kari a tsaye. Jaka ta koma kaya 5 a 2,500. Kuɗin jaka ya canza: mai wanki 900 saboda gugar shadda ta fi cin lokaci, omo da bula da sitati 350, ruwa 200, gawayi 150, leda 50, adaidaita 150, jimla 1,800, saura 700. Amma tartsatsin gawayi ɗaya a kan shadda mai tsada ba irin na tsohuwar riga ba ne, don haka ajiyar biyan ɓarna ta ninka, ƙarin 6,000, kuɗin wata ya zama 35,000. Ka raba da 700, jaka 50. Ka ga daga 73 an sauko 50, da kaya ƙasa da na da, amma haɗarin ya ƙaru, kuma yanzu ba kowane mai wanki ne zai yi maka ba, sai wanda ya iya shadda, wato gidan abokan hulɗa shi ma ya motsa. Ko ka sa iyaka a alƙawarin, ka ce biyan ɓarna ba zai wuce kaza ba, ka faɗa wa kwastoma tun ranar farko.

Rubuta kwanan wata a saman kowace kanbas, ka ɗauki hotonta kafin ka canza. In malami ne zai duba ko masu ba da tallafi, nuna musu ta farko da ta biyu da abin da ya sa ka canza ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba a kan takarda ɗaya mai kyau da ba a taɓa gwadawa ba.

Kafin ka miƙa, yi mata karatu ɗaya da baki daga dama zuwa hagu kamar kana ba da labari: wane ne, me yake damunsa, ta ina ya same ni, nawa ya biya, wa ya yi aikin, nawa ya rage. Duk inda ka tsaya kana in-ina, gidan nan ne bai cika ba. Sannan duba marayu, wato takardar da ba ta da ƴar'uwa a wani gida, kamar ka rubuta Instagram a hanya alhali babu kuɗin talla ko lokacin ɗaukar hoto a ko'ina, ko ka rubuta injin wanki a kayan aiki babu kuɗin janareta da fetur a ƙasa. Ko dai ka cire ta, ko ka nemo mata kuɗinta.

Abin da takardar nan ba za ta nuna maka ba shi ne masu yin irin sana'arka, babu gidansu a cikin taran. Akwai wani samfurin da Ash Maurya ya gyara, Lean Canvas, wanda ya cire wasu gidajen ya sa matsala da mafita da abin da ka fi wasu da shi, wasu malaman shi suke bayarwa, don haka duba sunan da ke saman fom ɗinka kafin ka fara. In ta Osterwalder ce a hannunka, juya bayan kwalin ka rubuta masu wankin da ke kusa da makarantar, nawa kowanne yake karɓa a kan shadda ɗaya da farar riga ɗaya, da kwana nawa yake ɗauka. In mai wankin bakin get yana karɓar 300 a kan abin da kai ka sa 500, to naira 200 ɗin nan ita ce kuɗin zuwa ƙofar ɗaki da cika alƙawarin Alhamis, kuma ita za ka sa wa ido a gwajin sati biyun, ka ƙirga mutum nawa cikin goman farko suka sake kawo jaka ta biyu.